Baba Yis da Jajayen Kwalaye

Duk unguwar ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Baba Yis ake ce masa, don komai nasa a hankali yake tashi kamar ƙullun da aka sa wa yis, har fushi. Tun yana saurayi yake gasa biredi a shago ɗaya, mai ƙofa ɗaya da benci a bakinta, tanderu kuma yana baya. Gashin hannuwansa wuta ta daɗe da cinye shi. Idan ya danna ƙullu da yatsa, ya san ko ya isa shiga gwangwani ko sai an ƙara masa lokaci. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba, kuma ko a jikinsa.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. 'Ya'yansa maza duk sun kama wasu sana'o'in, ba mai son ƙurar fulawa. Sai 'yarsa Auta kaɗai. Ita ta je ta koyo yin kek, ta dawo da 'yan gwangwanayenta da mazubin kirim, ta kafa tebur a kusurwar shagon. To amma wani babban otal a birni ya yi mata tayin aiki, ga yayarta can da ɗakin da za ta zauna. Ba ta amsa ba, ba ta ƙi ba. Baba Yis kuwa, Allah ya sani, tafiyarta yake tsoro fiye da komai.

Ana cikin haka watan Fabrairu ya kama. Wata safiya suna juye biredi daga gwangwanaye Auta ta ce, "Baba, sha huɗu ga wata ranar masoya ce. Mu yi rangwame mana. Kek ƙanana masu siffar zuciya, wanda ya sayi biyu a rage masa."

"Ranar me?"

"Balantain, Baba."

"Auta, a unguwar nan? Inda miji da mata ba sa jerawa a titi? So kike a ce tsohon banza ya buɗe wa samari kasuwa?"

"To shi ke nan," in ji ta, ta ci gaba da jera biredi. "Ni dai na gaji da jiran sai wani ya yi biki kafin in kunna injin kaɗa kirim."

Wannan maganar ta tsaya masa a rai har azahar. Ya gane idan ya ce a'a, kusan ya ɗaure mata kayanta ne da hannunsa. Da yamma ya kira ta, suka zauna a kan buhunan fulawa suka yi ciniki kamar masu sayen akuya. Ba hoton mace da namiji. Ba kiɗa. Ba kalmar masoya, ba sunan ranar. Ita kuma ta kafe a kan siffar zuciya da jajayen kwalaye, ya bar mata. A allon ƙofa ta rubuta: "Tsarabar gida. Sha huɗu ga wata, ka koma wa iyalinka da ɗan abin daɗi. Biyu a rangwame." Hoton allon ta ɗora a wayarta.

Tsohon hedimasta, wanda kullum shi ke fara sayen biredi, ya gyara tabarau ya karanta har ƙasa.

"Malam, ai na san ranar da kuke nufi. Wannan ba namu ba ne."

"Ba namu ba ne, ranka ya daɗe. Amma mutum ya kai wa matarsa tsaraba, wannan kam namu ne."

Hedimasta ya miƙa kuɗi. "Ni dai ba ni biredina," ya ce. Bai sayi kek ba, bai kuma fasa zuwa ba, kuma Baba Yis ya ji daɗin hakan ƙwarai.

Ranar sha huɗu, bayan an kwashe biredin safe, suka bar tanderu ya rage zafi, don wutar biredi ƙona kek take yi ta bar cikinsa ɗanye. Auta ta gasa, ta bari suka huce sarai, sannan ta shafa farin kirim da ɗan ɗigon ja a tsakiya. Ta jera kwalayen a kanta, sun yi kyau abin sha'awa.

Har rana ta take, ko kwali ɗaya bai motsa ba. Magidanta su shigo, su saci kallon kwalayen, su sayi biredi su fita. Auta ta koma bayan teburinta tana ta goge inda ba datti. Baba Yis ya dube ta, zuciyarsa ta karye, har ya fara hango ta a tashar mota da jaka.

Sai ga kafintan da shagonsa ke kallon nasu ya shigo. Ya sayi biredi, ya karɓi canji, ya ƙi tafiya. Ya tambayi lafiyar tanderu. Ya tambayi ko bencin nan bai fara girgiɗi ba. Da shagon ya zama ba kowa, ya sunkuyo yana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, abin nan, dole sai a cikin jan kwalin?"

"Me ya faru da kwalin?"

"Haba Baba! In ratsa layinmu da wannan? Gaban surukina zan wuce fa. 'Yan majalisa kuma sai sun yi wata suna yi da ni."

Baba Yis ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ashe ba kek ɗin suke ƙi ba, kunya ce ta riƙe musu hannu. Shi da ya tsufa cikinsu, ya tsaya yana gyaran kalmomin allo, ya manta mutum da ƙafa zai koma gida, kowa na kallon abin da ya riƙo.

"Auta, ina 'yan robobin nan masu murfi?"

Ta sa kek biyu a roba don kada kirim ya ɓaci, ta zura a ƙasan baƙar leda, ta ɗora biredi a kai. Kafinta ya fita yana kaɗa leda kamar kullum. Ta kwashe kwalayen daga kanta ta bar ɗaya na gwaji, ta ƙara layi a allo: "Ana sawa a ledar biredi."

Bakin kafinta ba ya riƙe magana, kuma ranar ya yi amfani. Bayan la'asar mutane suka fara shigowa ɗai-ɗai. Ba mai cewa kek. "Baba, biredi ɗaya, da ɗan rakiya." Tela ya zo, direban bas ya zo. Wata malamar asibiti ta saya wa mijinta, ita kam ta ce a ba ta jan kwalin, ba ta ga wanda zai hana ta ba. Wani saurayi ya rantse na mahaifiyarsa ne. Baba Yis ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya gaida ta da kyau.

Ba su sayar duka ba. 'Yan kaɗan sun rage, kwalaye kuwa tuli guda a kusurwa. Kafin magariba suna wanke gwangwanaye, Auta ta tsaya tana hararar tulin, hannu a ƙugu.

"Asara kawai. Baɗi ba za mu sayi kwali ko ɗaya ba. Kuma Baba, gefen hagu na tanderun nan ya fi zafi, sai mun gyara shi kafin lokacin."

Ta ci gaba da lissafa gyare-gyarenta, amma shi bai ji sauran ba. Baɗi ta ce, kuma da "mu" ta faɗa. Farin ciki ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, ya juya mata baya yana ta dirzar gwangwanin da ya riga ya fita.

"Baba, kana ji na kuwa?"

"Na ji, Auta. Gobe zan kira mai gyara."