Ledojin da Suka Tsaya Mini Shaida

Shekara goma sha ɗaya ina lebura a gandun renon itatuwa na ƙaramar hukumarmu, kuma kowane ƙarshen shekara abu ɗaya nake rubutawa a fom ɗin tantance ma'aikata: “Ina aiki tuƙuru, ba na makara.” Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wannan layin na haddace.

Sai aka kawo mana sabuwar shugabar sashen gona, aka kuma ce za a rage leburorin da aikinsu bai bayyana ba. Ta kira ni ofis, fom ɗina a hannunta.

“Baba, ku tara ne, kowa tuƙuru ya rubuta. Wa zan bari?”

“Ranki ya daɗe, nawa tuƙurun ya fi tsufa.”

Ko murmushi ba ta yi ba. “Me ka yi, guda nawa, a ina, wa ya gani? Ka dawo da shi Alhamis.”

Na fito da fom ɗina a hannu. Akawun ofis ya ce, “Baba Tuƙuru, a fara neman jakin kai taki?” Na wuce abina, ni da ba a ka da ni a baki.

Kwana biyu ina zagaya gandun, ko tuwo ba ya shiga. Ranar Laraba na shiga sito ɗaukar bokiti, idona ya faɗa kan ledojin. Ina da wata rowa da aka san ni da ita: duk wanda na ba dashe, sai ya dawo mini da baƙar ledar da dashen ke ciki bayan ya dasa. Nakan ɗaure na kowane gari daban, in rataye. Na zauna a ƙasa na ƙirga.

Na rubuta: darbejiya ɗari biyu da goma, iyakokin gonaki a garuruwa uku, masu unguwanni shaida. Mangwaro arba'in, firamaren bakin kasuwa, hedimasta shaida. Nan hannuna ya tsaya, domin na san awaki sun shiga makarantar. Shaiɗan ya ce bar shi haka, wa zai je? Na hau keke na je na ƙirga. Na ƙara layi: ashirin da shida ne suka rayu, na kewaye su da ƙaya.

Alhamis ta karanta, ta duba ɗaurin ledojin da na sauke a gabanta, ta ce, “Shiga mota.”

Firamaren muka nufa. Tana ƙirgawa da bakin biro, ina bin ta da salati. Ashirin da huɗu. Ashirin da biyar. Ta juyo ta dube ni.

“Akwai ɗaya bayan makewayi, ranki ya daɗe. Shi ya fi kowa ƙiba.”

Ta leƙa, ta dawo tana toshe hanci. A kan murfin mota ta cike nata ɓangaren na fom ɗin, ta sa hannu.

“Ka tsaya a aikinka, Baba. Baɗi ka rubuta tun ranar da ka dasa.”