Ma'azu Ina-Gabas da Rumfar Kwanon Alhaji

Duk wanda ya san Ma'azu ya san ba ya fara gaisuwa da lafiya. Zai shigo zaurenka, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya lasa yatsa ya miƙa sama ya ji ta inda iska ke zuwa, sannan ya ce, "Ina gabas?" Sai ka nuna masa, kana ya tuna kana da iyali ya tambaye su. Ta haka sunansa ya koma Ma'azu Ina-Gabas, kuma da shi muka yi masa sallar jana'iza.

Allo ɗaya muka wanke da shi. Ni na tsaya kan tawada da alƙalamin kara, shi kuwa lakol, wato makarantar boko, ta kama shi, ta kai shi Bamako, ta wuce da shi Dakar, ya komo a shekarun da aka samu mulkin kai yana mai zanen gine-gine. Mutanenmu ba su gane wannan sana'a ba. Magini ya taka ƙasa, ya ɗora tubali. Shi kuwa wannan ya zana ɗaki a takarda, wai ya yi aiki.

Ranar da ya fara zuwa gaishe ni bayan komowarsa, bai zauna ba. Ya zagaya zaurena yana tsaki, ya ce ni da ɗalibaina muna dafuwa kamar wake a tukunya don iska tana shiga ba ta da mafita. Kafin in kawo masa ruwa ya ari galma a maƙwabta ya huda mini bango daga sama.

Na ce, "Ma'azu, baƙo ne kai ko ɓarawo?"

Ya ce, "Ɓarawo daga ƙasa yake hudawa, Malam. Zauna ka ji."

Na zauna. Iska kuwa ta zo, abin haushi. Ban gode masa ba, ban kuma toshe ramin ba har yau.

Ko motar Gazawa zai shiga, sai ya tambayi direba ta wane gefe rana za ta bugo. An taɓa barinsa a tasha yana wannan bincike. Da ya iso washegari bai ji kunya ba, ya ce waɗanda suka riga shi sun iso ne a gashe.

To, maganar lakol ɗinmu. Garinmu yana bakin hanyar da ta taso daga Gazawa ta yi kudu zuwa iyaka. Da aka ce kowane gari ya tashi ya gina makarantarsa, muka yi shirin gayya: samari su buga tubali, mata su jawo ruwa, masu amalanke su kwaso marmara. Mai gari ya ba da fili gabas da hanya. Ma'azu ya zana, ya zo ya kafa turaku da igiya, ya koma Maradi inda yake aiki, ya ce sai ranar aza harsashi.

Akwai Alhaji Barmo, babban ɗan kasuwarmu, wanda kakanninsa suka zo daga wajen Katsina. Shi ya ba da kwanon rufi, kuma bai bar ko jariri bai ji ba. Da ya ga turakun sai ransa ya ɓaci, don ginin Ma'azu ya miƙe ne daga gabas zuwa yamma, abin da zai fuskanci hanya kawai ɗan guntun bango ne marar ko taga. Alhaji ya ce wane irin gida ne ke ba baƙo kafaɗa? Kowa ya san ƙofa hanya take kallo. Kuma in ginin ya kwanta tare da hanya, duk motar da ta wuce za ta ga kwano yana walƙiya, a tambayi na wa ne. Dattawa suka ce ya yi gaskiya, aka tuge turaku aka juya su, samari suka haƙa rami a kan sabon layi.

Ma'azu ya iso da safiyar ranar bikin aza harsashi, cikin bazara. Ya tsaya bakin rami. Wannan karon bai tambayi gabas ba, ya san inda take, ya san kuma abin da aka yi mata. Abin da ya dame shi shi ne al'adarmu: in aka aza dutsen farko aka shafa fatiha a kai, ko Gwamna ba zai sa a ɗaga shi ba. Na zaci zai yi faɗa. Sai na ga yana murmushi, na san ya ƙulla wani abu.

Ya je wurin Alhaji ya durƙusa, ya ce ai abin kunya ne manyan baƙi su zauna a rumfar zana alhali ga kwano sabo. A ɗora kwanon a kan sanduna daidai inda aji zai kasance, a zagaye da zana, a bar gefen hanya a buɗe, baƙi su ɗanɗani ginin tun kafin a gina shi. Alhaji ya ce ashe Dakar ba ta cinye hankalin yaron nan duka ba. Ni kuwa da zan yi addu'a, Ma'azu ya ja ni gefe ya ce kada in ɗaga hannu sai ya ce ya gama.

Bayan azahar aka taru. Ga mai gari da rawaninsa, ga insifektan lakol daga Maradi cikin kwat, ga Alhaji da riga kan riga. Aka zaunar da su ƙarƙashin kwano suna fuskantar yamma. Ma'azu ya tsaya waje, da malafa a kansa.

Ya fara a hankali kamar mai karatun tafsiri. Ya ce aji ba ɗakin kwana ba ne, yara za su wuni ciki suna duban allo, don haka abokan gabarsa uku ne: rana, ruwa da gara. Rana tana fitowa ƙasa-ƙasa daga gabas, ta faɗi ƙasa-ƙasa a yamma, a lokutan nan ne take shiga taga kai tsaye, ba bakin rufi ko baranda da zai tare ta. Shi ya sa ya juya mata gajerun bangaye marasa taga. Tagogi kuwa kudu da arewa, inda rana ke wucewa ta sama, baranda kaɗan ya ishe ta. A bangon da ba taga za a shafa baƙin allo, don kada yaro ya dubi rubutu haske yana soka masa ido, kuma a jera bencuna yadda hasken da ya fi yawa zai zo ta hagu, inuwar hannun yaro ba za ta rufe abin da yake rubutawa ba.

Ya juyo ya ce, "Amma dattawa sun fi ni sani. Sun ce yamma, ga ku nan kuna kallon yamma. Da daɗi ko, ranka ya daɗe?"

Mai gari ya ce "Uhm," yana kare ido da gefen rawani, don ranar ta fara sauka ƙarƙashin bakin kwano.

Ma'azu ya koma kan ruwa. Ya tambayi manoma daga ina hadari ke tasowa, suka ce gabas. Ya ce to, a sabon layin nan dogon bango da tagoginsa duka gabas za su kalla, ruwan farko zai wanke littattafai, na biyu ya fara cin bango. Harsashi kuwa da marmara za a yi shi, a ɗago shi sama da ƙasa kamar kamu biyu kafin a ɗora tubali, don laima kada ta hau, kuma in gara ta gina hanyarta a gan ta a fili a kankare. Ya yi maganar masai, ya ce nesa da rijiya, can inda ƙasa ta gangara, ba ta bakin iskar rani ba, ba ta bakin iskar damina ba, kada kuma mai tsuguno ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Nan na ce madalla da ƙarfi, ya harare ni don kada in zarce da fatiha.

Zuwa lokacin insifekta ya kwance abin wuyansa. Zufa tana ɗiga daga gemun Alhaji. Ba mai tashi, don ba a tashi kafin mai gari, mai gari ba ya tashi kafin baƙo, baƙo kuma yana jiran addu'a, addu'a tana hannuna.

Sai ya zo kan kwano. Ya ce kwano abin kirki ne, ba ya yoyo, Allah ya saka wa Alhaji. Illarsa dai yana shan zafi ya zubo wa na ƙasa, in ruwa ya sauka kuma ko ganga ba a ji, balle malami. A zanensa za a yi rufin azara da zana da laka tukuna, sannan a ɗaga kwanon sama da shi, a bar tsakani iska ta ratsa ta kwashe zafin. A bango kuma ƙananan kafofi can sama, don iska mai zafi sama take hawa, ta fita, mai sanyi ta shigo ta taga. Ya ciro malafarsa ya nuna musu, ya ce kwano malafa ne, ba a manna shi a ƙoƙon kai.

Alhaji ya kasa haƙuri. Ya ce, "Ɗana, jawabin nan da saura?"

"Da saura, Baba Alhaji. Ban zo kan itatuwa ba. Ai ku yini guda ne. Jikokinka shekara shida za su yi nan."

Jikokin Alhaji na cikin waɗanda aka rubuta za su fara. Mai gari ya dubi Alhaji da ido ja, ya ce, "Barmo, kwanonka ne, kai za ka faɗa."

Alhaji ya share fuska da hannun riga ya ce, "A juya turakun. A juya garin ma in yana so. Malam, don girman Allah yi mana fatiha."

Ma'azu ya ce a'a, ba a kan wannan ramin ba. Sai da aka maida igiya layinta na farko, samari suka haƙa sabuwar kusurwa suna gunaguni, aka aza dutse, kana ya ce mini ya gama. Ban taɓa jin amin mai ƙarfi irin ta ranar ba. Maganar itatuwan ma bai yafe ba, ya bi mai gari har gida yana gaya masa a dasa dogon yaro ta yamma.

Haka aka gina ta, ta ba hanya kafaɗa, matafiya suna ce mata lakol mai fushi. Alhaji kuwa, da bazara ta komo, sai ya riƙa zuwa duba karatun jikokinsa kullum da azahar. A barandar yake dubawa, kwance, ido rufe. In Ma'azu ya tarar da shi sai ya ce a yi magana a hankali, insifekta yana aiki.

Ranar da muka kai Ma'azu makwancinsa, masu haƙa suka tsaya suna daidaita kabari, ɗaya ya ɗago ya ce, "Malam, ina gabas?" Muka yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Shi ne ɗaki ɗaya da aka yi masa bai duba rufi ba, bai yi gardama ba.

Ya Allah, bawanka ya nema wa ƴaƴan mutane inuwa. Ka yalwata masa ɗakinsa, Ka haskaka shi, Ka buɗe masa taga ta wajen Aljanna iskarta ta riƙa shigo masa. Amin.