Goron Wasila

A kamfanin jigilar kaya da ke Zangon Kwatano, kowa ya san Wasila sakatariya da kwanon goronta. Shekara goma sha biyu tana wurin, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma kuma ba takardar da ke kwana a hannunta.

Ranar Litinin ta rubuta wa Malam Karimu mai kula da sito, tana neman jerin kayan da za a loda wa motar Maradi. Har Alhamis shiru, ga direba na ta huci a bakin ƙofa. Malam Karimu kuwa dattijo ne mai saurin fushi. Da ka ce masa ya manta, an ɓata ke nan har sati.

Sai ta ɗauki goro fari ta same shi.

"Baba, ga goro. Takardar nan tawa ta Litinin, ina jin ban rubuta ranar tashin motar ba. Gobe ce bayan Juma'a."

Ya ɗaga faifan da ke kan tebur, ga takardar, kwanan wata ɓaro-ɓaro da jan biro. Ya dube ta, ya fashe da dariya.

"'Yar nan, goronki ya fi bulala zafi!"

Kafin la'asar jerin yana kan teburinta.