Rigar Malam Abdulsalami

Malam Abdulsalami, mai ɗinkin hannu a Moduganari, yana da wani itace marar fuska da aka sassaƙa daidai kafaɗunsa tun yana saurayi. Alhaji Shiru muke kiransa. Jikinsa yake rataya babbar riga, ya naɗe hannayenta bisa kafaɗa, ya ɗora hula zanna, ya duba ko aikin zaren nan da ake kira aska ya zauna a ƙirjin hagu.

Rigar da ya ɗinka wa kansa don auren 'yarsa, ƙanwata, ma can ya gwada ta, aska takwas da zaren siliki. Ranar ɗaurin aure ya saka, ashe bayansa ya ranƙwafa. Aikin ya sauko ciki, gaban rigar na sharar ƙasa.

Na ce, "Baba, ko Alhaji Shiru za a kai masallaci?"

Bai yi dariya ba. Da tsohuwar rigarsa ya tafi.