Masarar Malam Rilwanu

A unguwar Limancin Kona, in ka ce gidan Malam Rilwanu kake nema, zauren za a nuna maka. Kakansa ne ya gina shi, ginin ƙasa mai rufin ɗaurin guga, da azara wadda ta yi baƙi don tsufa. A ciki ake raɗin sunan 'ya'yan gidan, a ciki ake zaman makoki. Abu ɗaya zauren yake buƙata: kowace shekara kafin ruwa ya sauka, magini ya hau sama ya sake yaɓe, ya gyara indararo. Kakan bai taɓa fashi ba, uban ma haka.

Shi Malam Rilwanu malamin lissafi ne, shekara talatin da biyar yana cin alli a makarantar sakandare. Mutum ne mai taka-tsantsan har abin ya kan ba da haushi. Matarsa Radiya ta kan ce ko tumatir zai saya sai ya zagaya kasuwa sau biyu.

Da ya yi ritaya, maƙwabcinsa Alhaji Nasidi, wanda ya tsufa a harkar hatsi, ya ba shi shawarar ya ɗan taɓa ajiya. Ya sayi masara buhu goma da kaka. Bayan wata biyu kowane buhu ya ƙara dubu huɗu, sai Malam ya yi maza ya sayar, don kada ribar ta gudu. Ya ji daɗi na mako uku. Daga nan masara ta kama hawa, ba ta tsaya ba sai da ta ninka kuɗinta. Kullum in an idar da sallar la'asar sai ya ji sabon labari: wane ya sayi babur mai ƙafa uku, wane ya biya Makka, duk da masara. Har wani tsohon ɗalibinsa, wanda Malam ya san ko raba goma gida biyu sai ya yi gumi, ya sa wa gidansu rufin kwano. Wannan ne ya fi ci masa rai. Riba ya ci, amma a zuciyarsa kamar an yi masa sata.

Saboda haka da kaka ta zagayo, kuɗin sallamarsa na aiki kuma suka fito, bai zagaya kasuwa ko sau ɗaya ba. Buhun masara yana dubu sittin da biyar, tsadar da ba a taɓa gani da kaka ba.

"Malam, a bi a hankali," in ji Alhaji Nasidi. "Bana kowa ya noma, kowa kuma ya ɓoye. Ranar da za a buɗe rumbuna, wa zai saya?"

"Alhaji, bara ma a hankali na bi, aka tafi aka bar ni."

Buhu tamanin ya saya. Aka jibge su a zaure har kusa da azara, aka bar 'yar siririyar hanya ta shiga gida.

Watan farko farashi bai motsa ba. A na biyu ya sauka sittin. Malam ya ce kasuwa tana numfashi ne. Da ya kai hamsin da biyar, Alhaji Nasidi ya kwashe tasa ya sayar, ya shafa fatiha. Malam ya ji tausayinsa ma. A lissafinsa, mutum bai faɗi ba sai ranar da ya sayar, kuma tunda buhunan suna nan yana ganinsu, dubu sittin da biyar ɗinsa suna nan. Malamin lissafi ne fa yake wannan lissafi.

Ana cikin zafin bazara Haruna magini ya zo, kamar yadda ya saba. Ya hau sama, ya daɗe, ya sauko fuskarsa ba walwala.

"Malam, akwai tsaga ta gabas, hannuna yana shiga. Bana ba yaɓe kaɗai ba ne, sai an canja azara biyu."

Radiya ta san an ware kuɗin wannan aiki tun da rani. Abin da ba ta sani ba, makon da ya wuce Malam ya sayi ƙarin buhu goma da su a kan arba'in da takwas. Da ta tambayi kuɗin, ya yi mata bayani dalla-dalla: yanzu in an haɗa duka, kowane buhu ya tsaya masa a sittin da uku da ɗoriya, ke nan ya matso kusa da fita.

"To Malam, a sayar da goman mana a biya Haruna."

"Yau arba'in da biyar ake saye. In sayar in yi asara da hannuna?"

"Zauren fa?"

"Zauren da ya yi shekara ɗari zai jira wata ɗaya. Da damina hatsi ke tsada, kowa ya sani."

Gaskiya ne, yawancin shekaru haka ake yi. Bana dai da ruwa ya sauka, duk waɗanda suka ɓoye suka buɗe rumbuna a tare, masara ta koma arba'in. Malam ya daina zama a majalisar bayan la'asar. In an ambaci farashi a rediyo sai ya murɗe tasha. A zaure kuwa, in gari ya yi tsit da rana, ana jin wani ɗan ƙas-ƙas daga cikin buhuna, ga gari fari yana zuba ta ɗinki. Ƙwari sun shiga. Rufi ya fara yoyo, aka kafa roba ɗaya a ƙarƙashinsa, sannan uku. Danshi ya zana wani baƙin layi daga azara zuwa rabin bango. Radiya ta koma bi ta gidan maƙwabta in za ta fita.

Alhaji Nasidi ya shigo wata safiya, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ƙi zama.

"Malam, tambaya ɗaya. Da a ce kuɗi ne a hannunka yau, za ka sayi wannan masarar ka zuba a ƙarƙashin wannan rufin?"

"Allah Ya kiyaye."

"To me ya sa kake riƙe da ita? Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba. Ina da mai gidan kaji, zai kwashe duka gobe a talatin da shida."

Malam ya ji maganar ta shige shi. Ya san gaskiya ce. Amma da ya buɗe baki zai ce to, sai ya ji kamar shi ne zai sa hannu a kan cewa shekara talatin da biyar ta tafi a banza. Tsoro ya kama shi, tsoron da ya fi na rufin.

"Ya cika arba'in," ya ce.

Mai kaji ya ce zai yi shawara. Ranar Laraba marka ta kama, ruwa siriri wanda ba ya ɗaukewa. Ranar Juma'a da hantsi Malam yana alwala a tsakar gida ya ji ƙara kamar an karya rake, sannan wata, sannan ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa. Da ya ɗaga ido, sai ya hango titi daga inda yake tsugune.

Zauren ya rushe, amma ba wanda ya ji rauni, aka yi ta hamdala. Masarar ta kwana uku a ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar ƙasa kafin a tono ta, ta kumbura, tana tsami. Mai kaji ko kallonta bai zo yi ba. Haruna ya duba azarar da ta kakkarye ya ce bulo kawai za a sa, don masu iya ɗaurin guga irin wannan sun ƙare a unguwar.

A rana ta huɗu yayarsa Barira ta zo daga unguwar Tukur-Tukur. Ba ta tambayi ko buhu nawa ba ne. Ta tsaya a kan tarin ƙasar, ta daɗe tana duban inda mahaifinsu ya kan shimfiɗa buzunsa.

"Rilwanu," ta ce, "in na mutu, a ina za ku karɓi gaisuwa?"

Malam ya duba hagu, ya duba dama, bai ga inda zai nuna mata ba.