Mutum Biyu a Hannun Dama

Da muna yara, wanda ke da harara-garke da shi yake tsufa, da shi ake binne shi. Halitta ce, ba wanda ya ɗauke ta ciwo. A ƙauyenmu akwai wani mahauci da in yana yanka nama sai kowa ya janye hannunsa daga kan tebur, don ba a san inda yake kallo ba, shi ma kuma dariya yake yi. Shekarun da na yi ina jan babbar mota na ga irinsa a Kumasi, na gani a Agadas da Umdurman, ko'ina da sunan tsokanar da suke yi masa, ban kuwa ji inda aka ce ana gyarawa ba. Yanzu ana shiga da mutum ɗakin tiyata da safe, washegari ya koma gida idonsa a saiti. Ban san haka ba sai da abin ya zo gidanmu.

Ƙanena manomi ne, ya haura hamsin, idonsa lafiya lau tun haihuwa. Wata kaka suka ɗauko buhun albasa a babur shi da amininsa, maƙwabcinmu, daga wajen Watari za su kasuwa. Mota ta kwashe su. Aminin, wanda ke tuƙi, a wurin ya cika. Ƙanena ya bugu a kai, ya yi kwana biyu bai san inda yake ba, da ya farfaɗo sai ga idonsa na dama ya karkato wajen hanci.

Karkatar ba ta dame shi kamar abin da yake gani ba. Komai biyu ne, gefe da gefe. Ranar da na je duba shi ya daɗe yana kallona, ya juyar da fuskarsa dama yana dubana ta gefe.

"Yaya, kai da wa kuka shigo?"

"Ni kaɗai ne."

"To guda ɗaya ma da ƙyar ake ci da shi, yanzu an ƙaro mana."

Muka yi dariya, amma tasa ba ta yi nisa ba. Cikin gari magana ta riga ta bazu, wai mamacin ne bai sake shi ba, shi yake gani tsaye kusa da mutane. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Shi da kansa ya gano cewa in ya rufe ido ɗaya na biyun ya ɓace, sai ya yagi tsohon rawani ya ɗaure idon. Da damina ta faɗi ya shiga gona a haka, amma da ido ɗaya ya kasa auna nisa, ya kai wa ciyawa fartanya ya sare dawa. In ya kwance ƙyallen kuma kunyar gona ta zama biyu, bai san wadda zai bi ba. Rabin gonar a wannan daminar ciyawa ce ta ci.

Na kai shi asibitin ido a birni. Likitar mace ce, a shekaru ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta sa ya bi yatsanta da ido, hagu, dama, sama, ƙasa, ta riƙa ɗora masa wasu gilasai masu kauri a gaban ido tana tambaya ko biyun sun haɗe. Ta ce kowane ido tsoka shida ke juya shi, kamar ragama, kuma jijiyar da ke ba tsokar jan idon dama waje umarni ita ta ji rauni a buguwar. Ta ce mu koma mu jira, don irin wannan wani lokaci takan farfaɗo da kanta, ba a taɓawa sai an ga karkatar ta tsaya wuri ɗaya. Muka yi ta zuwa awo har kusan shekara. Jijiyar ta ɗan dawo, ba duka ba.

Ranar da ta ce za a yi aikin, ƙanena ya tambaye ta abin da kowa a ƙauye ya gaya masa.

"Likita, an ce ciro idon kuke yi ku ajiye a faranti."

"Baba, wa zai ba ni aron idonka in ajiye? Yana nan a wurinsa. Tsokar ciki da ta fi ƙarfi zan matsar baya ta sassauta, ta waje in rage mata tsawo ta ƙara ja."

"Shi ke nan na biyun ya tafi?"

Ta ajiye alƙalaminta. Ta ce abin da take nema shi ne ya ga abu ɗaya in ya dubi gaba da in ya dubi ƙasa, wajen tafiya da noma da karatu. Jijiyar kuwa ba ta da yadda za ta mayar da ita sabuwa, don haka in ya kai idonsa can dama sosai, wataƙila ya ci gaba da ganin biyu. Ta ƙara da cewa wani sai an sake yi masa karo na biyu. Ni na tambaye ta irin mahaucin nan namu. Ta ce ana daidaita musu ido su ma, ko sun manyanta, su samu su haɗa ido da mutane, sai dai idon da bai koyi gani tun yarinta ba aikin ba ya ƙara masa gani, kuma mai tabarau yana nan da tabaransa.

Aka sa shi barci aka yi. Idon ya yi ja wur makonni, yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi, muna ɗiga masa magani. Amma tun ranar da aka cire auduga ya dube ni ya ce, "An sallami ɗaya." Damina ta gaba ya yi huɗarsa, kunyoyinsa a miƙe, ba ƙyalle a fuska. Masu maganar mamaci suka yi shiru.

Sai dai na lura da wani abu a masallaci. In an idar da salla zai yi sallama, yakan runtse ido kafin ya juya. Wata ranar muna dawowa daga azahar ta tsakanin gonaki na tambaye shi dalili.

"Yaya, wuyana ba ya juyawa sosai tun faɗuwar nan, da ido nake ƙarasawa. Duk wanda ke damana, in na waiga sai in ga su biyu, kafaɗa da kafaɗa."

"Ai ta gaya maka. Jijiya ce."

"Na sani. Na sani sarai jijiya ce." Ya tsaya ya karkaɗe takalminsa. "Shekara talatin a nan marigayi yake tsayawa, a damana. Sai in ga kamar ya makara ne ya kutso cikin sahu."

Na ce mu koma a sake dubawa. Muka koma. Likitar ta auna, ta ce in ta ƙara ja don gefen dama za ta iya ɓata masa gaban da aka samu, ba ta ba shi shawarar haka ba. Ya ce a bar shi, gonar ta fi.

Ni da na yi salla a masallatai na ƙasashe da yawa, a bayan limamai masu harsuna iri iri, ban taɓa kula da wanda ke damana ba sai bayan wannan magana. Yanzu nakan duba.

Ƙanena yana nomansa, yana karanta Alƙur'aninsa, yana gane mutum daga nesa. Amma ya bar tsakiyar sahu. Kullum yakan riga kowa zuwa ya kama ƙarshen sahu ta dama, jikin bango, inda ba mai tsayawa a gefensa, kuma bai sake salla a wani wurin ba.