Layin Baya da Bai Fito a Tab ɗin Baba Ba

Aikina na farko bayan na gama jami'a a wani ƙaramin ofishi ne a Khartoum, hawa na biyu, saman wani shagon sayar da fanka. Mu huɗu ne, muna rubuta manhajojin waya ga duk wanda ya kawo aiki. Ni ce mace ɗaya, kuma ni ce ƙarama, don haka duk tsohon aikin da aka gaji da shi teburina yake sauka. Haka na gaji manhajar yankan tikiti ta wani kamfanin bas da ke lodi a tashar da ke gefen kasuwar Suk al-Shabi, motocinsa suna zuwa Madani da Sinnar. Wanda ya rubuta ta ya tafi Saudiyya tun kafin in zo.

Manhajar ba ta da wuyar fahimta. Shafi na farko hoton kujerun bas ne, biyu a dama, biyu a hagu, sai layin baya mai kujera biyar. Mai yankan tikiti ya taɓa kujera, ya danna maɓallin da ke ƙasa, shafi na biyu ya buɗe ya rubuta sunan fasinja da lambar wayarsa.

Wata safiya shugaban ofishinmu ya ce in fitar masa da bayanin kujerun da wani ma'aikaci guda ya sayar a watannin baya, mai kamfanin ne ya nema. Da na fitar, sai na ga abin da mai kamfanin ya riga ya gani: mutumin nan bai taɓa sayar da kujera ko ɗaya a layin baya ba. Sauran ma'aikata suna sayarwa. Amma motocin da ya yi wa lodi suna isa Madani a cike, domin direbobi suna kwasar mutane a hanya. Mai kamfanin ya yanke cewa haɗa baki ne tsakaninsa da direbobi, ya kuma ce mutumin ya zauna a gida tukuna.

Da dare muna cin abinci a gidanmu a Omdurman na ba da labarin, ban ma ambaci kamfanin ba. Yayana, wanda ke da shagon waya a Kasuwar Libiya, ya ajiye cokali ya tambaye ni ko dattijon nan ne mai kaurin tabarau. Ashe ya san shi. Bahaushe ne, iyayensa sun yi noman auduga a yankin Jazira kamar kakanninmu, yanzu yana zaune a Alhilla Kuku, kuma a wajen Yaya yake gyara waya. Yaya ya ce shi dai bai san me ya faru ba, amma mutumin da yake dawowa daga can ƙetaren kogi don ya mayar da cajar da aka ba shi aro, da wuya ya yi wannan.

Na roƙi shugabanmu ya bar ni in je tashar. Ya ce aikinmu fitar da bayani ne, mun kuma fitar. Na ce ina so in ga na'urar da mutumin yake aiki da ita. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in dawo kafin la'asar.

Yaya ya kira dattijon, muka haɗu a rumfar wata mai shayi a bakin tasha. Ya zo da jallabiya fara, wankakkiya, kamar mai zuwa kotu. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa, ya tambayi mahaifina da garin da kakanmu ya taso, sannan muka shiga ofishin tikitin. Sauran ma'aikatan duk da wayoyinsu suke aiki, a tsaye a hannu. Shi kaɗai aka ba tab, wato babbar wayar nan mai faɗi, saboda idonsa. Tana kwance a kan wani katako da ya sa kafinta ya yi masa, an ɗaure ta da roba, kuma an ƙara girman rubutunta har ƙarshe.

Na buɗe manhajar. Kujeru suka fito, layi bayan layi, har zuwa maɓallin ƙasa. Layin baya babu shi. Na ja da yatsa, shafin bai motsa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda hoton ya yi kyau. Maɓallin ya zauna daidai a kan kujeru biyar ɗin ya rufe su ruf, ba ko gefen kujera da ya leƙo.

Na ce, “Baba, ba ka taɓa tambayar ina layin baya yake ba?”

Ya ce, “Na tambaya, 'yata. Mai kula da mu ya duba tasa wayar ya ce komai yana nan. Sai na ɗauka an ware su ne don masu saye daga gida, ba a ba ni su ba. Wanda aka ba aiki saboda ana tausayin idonsa ba ya yawan tambaya.”

Na tambaye shi me ya sa ya ɗaure tab ɗin. Ya ce a makonsa na farko yana cikin rubuta sunan wata mata sai ya juya ta don ya gyara wayar caji, sunan da lambar duk suka goge, mutane suna tsaye a layi suna kallonsa. Tun ranar ya ɗauka juyawa lalata ta yake yi. Na kwance robar na tsayar da ita. Layin baya ya fito, kujeru biyar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya daɗe yana kallo.

A ofis na buɗe aikin na ga dalilin. Wanda ya rubuta shi ya ba kowace kujera tsayi ƙayyadadde, ya jera su, ya manna maɓallin a ƙasan fuskar waya, bai kuma sa shafin ya zama mai jawuwa ba, domin a wayarsa komai ya shiga. Da aka kwantar da tab, faɗi ya ƙaru amma tsayi ya ragu, babban rubutu kuma ya kumbura kan shafin ya turo kujerun ƙasa. Gogewar suna kuwa wata matsala ce dabam. Idan aka juya waya, tsarinta yakan rushe shafin ya sake gina shi don ya dace da sabon fasali. Abin da ba a tanadi ajiye shi ba sai ya tafi, kuma a yadda aka gina shafin sunan, ba a ajiye komai ba.

Shugabanmu ya ce maganin mai sauƙi ne, a kulle manhajar a tsaye kawai, layi ɗaya ne. Na ce to Baba fa, da ramin cajin tab ɗinsa yake ƙasa, ba zai iya tsayar da tab a kan tebur tana caji ba, ga shi a tashar dole a cika batir duk lokacin da aka samu wuta. Ya ce Baba ya sayi wani katakon. Muka kulle, muka ɗauki gyaran da hoton fuskar tab ɗin muka tafi wajen mai kamfanin.

Mai kamfanin ya saurare mu da fuska a ɗaure. Yana da waya mai ninkewa da ya sayo a tafiya, a rufe siririya ce, a buɗe kusan murabba'i. Ya sa gyararriyar manhajar, ya zaɓi kujera a ƙaramar fuskar, ya fara rubuta suna, sannan ya buɗe wayar don ya gani da kyau. Sunan ya goge. Buɗewar ma canjin girman fuska ce, an sake gina shafin kamar yadda ake yi a juyi, kullewarmu ba ta hana ba. Da ya koma shafin kujeru, tsayin fuskar bai kai ba, maɓallin ya hau rabin layin baya. Ya kalli wayar, ya kalle mu.

Ya ce, “Wato abin da ya samu mutumin ke nan.”

A gabanmu ya kira mai kula da tashar ya ce a gaya wa Baba ya dawo gobe. Bai ce a ba shi haƙuri ba, a lokacin dai. A mota, da muka hau gada, shugabanmu ya ce in yi shi yadda ya kamata, amma kada in cinye wata guda.

Na cire kullen. Na daina tambayar wace irin na'ura ce, na koma auna filin da manhajar ta samu a lokacin, domin har raba fuska biyu ma'aikatan suke yi su ajiye saƙonni a gefe. Idan filin ya yi siriri, shafi ɗaya a jere, mai jawuwa, maɓallin kuma da gurbinsa a ƙarƙashin kujerun, ba a kansu ba. Idan faɗin ya kai ɗari shida a ma'aunin da muke kira dp, sai ya rabu biyu, kujeru a gefe ɗaya, suna da maɓalli a ɗaya gefen, wanda a wayar mai kamfanin ya sa rabuwar ta faɗa kan ninkin. Girman kujera ya koma bin filin da ake da shi, amma na hana shi sauka ƙasa da abin da yatsa zai taɓa ba kuskure. In bai isa ba, a ja. Kujerar da aka zaɓa da abin da aka rubuta kuma na ajiye su inda sake gina shafi ba ya taɓa su.

Wayoyin kwaikwayo da ke cikin kwamfuta sun nuna komai lafiya, amma ban yarda da su su kaɗai ba. Ranar Asabar na tafi shagon Yaya, na zauna a kan kwali a bayan kanta, yana miƙo mini wayoyin hannu na biyu ɗaya bayan ɗaya, yana ciniki da Larabci yana yi mini tsiya da Hausa. A nan na gano cewa a ƙaramar waya kwance, allon rubutu yana tasowa ya rufe gurbin lamba. A wata kuma ramin kyamara ya cinye kujerar farko. Mai ninkewa babu a shagonsa, sai da ya aro a wajen maƙwabcinsa, wanda ya tsaya a kaina har na gama, yana cewa in riƙa buɗewa a hankali.

Da na kai sabuwar manhajar tasha, Baba yana kan kujerarsa. Na sa masa, na ce ya fara rubuta suna ya juya tab ɗin. Ya ƙi. Sai da na yi da hannuna sau biyu ya gani, sannan ya gwada da kansa, a hankali, da hannu biyu. Sunan yana nan. Ya ce tamam, wato ya yi daidai, ya mayar da ita kan katakon ya sake ɗaure ta da roba, ya ce haka ya saba.

Ya aika a kawo mini shayi da na'ana'a. Muna sha ya gaya mini cewa mai kamfanin ya zo da kansa ya gaishe shi a gaban sauran ma'aikata, kuma wannan ya ishe shi. Amma direbobi biyu sun daina yi masa magana, tunda yanzu motarsu a cike take fita, ba sauran kujerun da za su kwashi mutane a hanya su sa kuɗin a aljihu. Wani mutum ya leƙo tagar da 'ya'yansa yana neman kujeru biyar wuri ɗaya zuwa Sinnar, Baba ya juya wajensa, ni kuma na ƙarasa shayina na fita neman motar Omdurman.